BAYANI: Yadda tafarnuwar da aka ajiye cikin mai ke zama guba ba tare da ta sauya kama ba

A watan Satumba na shekarar 1985 aka kwantar da wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, a wani asibiti da ke birnin Montreal na ƙasar Kanada. Idanunsu na ganin abu ɗaya ya zama biyu, haɗiya ta yi musu wuya, ƙarfin jikinsu kuma yana raguwa. Likitoci suka gano cewa ciwon botulizim ne, wato shanyewar jiki da ke biyo bayan cin abinci mai ɗauke da wata guba da ƙwayar bakteriya ke samarwa. Da aka bi sawun abin da suka ci, sai bincike ya kai jami'an lafiya wani gidan abinci a birnin Vancouver, can ɗaya ƙarshen ƙasar, inda 'yan matan suka ci abinci.

Abin da aka tarar ya wuce yadda aka zata. Mutum 36 ne suka kamu da ciwon daga wannan gidan abinci cikin makonni shida da suka gabata, kuma babu wanda aka gane ainihin abin da ke damunsa. Sun warwatsu a Kanada da Amurka da Holan. Abin da ya haɗa su shi ne burodi da aka shafa wa bota mai tafarnuwa, tafarnuwar kuwa daga kwalba ta fito: yankakkiya, cikin man waken suya, wadda wani kamfani ya haɗa ya sayar, gidan abincin kuma ya bar ta wata da watanni a wajen firij.

Kafin wannan lokaci ba a saka tafarnuwa cikin jerin abincin da ake zargi da jawo botulizim ba. Tun daga lokacin ne hukumomin kula da abinci suke gargaɗi a kan ajiye ɗanyar tafarnuwa, ko ɗanyen ganyen ƙamshi, ko ɗanyen barkono, cikin mai a zafin ɗaki. Gargaɗin ya shafi duk mai haɗa man tafarnuwa a gida, don girki ne ko don magani ko don sayarwa.

Ƙwayar da ke kwance cikin ƙasa

Ƙwayar da ke haddasa ciwon sunanta Kulostiridiyam botulinam, kuma mazauninta ƙasa ne: ƙasar gona, laka, ƙura, da gindin ruwa. Wani masanin ƙasar Beljiyam, Emile van Ermengem, shi ne ya fara ware ta bayan gubar da ta kama wasu makaɗa da suka ci naman da aka adana da gishiri a ƙauyen Ellezelles a shekarar 1895.

Wannan ƙwaya tana da hali guda da ya sa ta zama abin tsoro ga masu adana abinci. Idan yanayi bai yi mata daɗi ba, sai ta dunƙule cikin wani ƙwanso mai tauri ta kwanta, tamkar irin ciyawa da ke jiran damina a busasshiyar ƙasa. A cikin wannan ƙwanso tana iya yin shekaru. Rana ba ta kashe ta, bushewa ba ta kashe ta, tafasa ta sa'o'i ma ba lallai ta kashe ta ba. A wannan hali ba ta fitar da guba, shi ya sa mutane ke haɗiyar ta tare da kayan lambu a kullum ba tare da wata illa ba, domin cikin babban mutum ba ya ba ta damar tsirowa. Jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya kuwa hanjinsu bai yi wannan ƙwari ba, dalilin da ya sa likitoci ke hana a ba su zuma ke nan.

Tafarnuwa kuwa cikin ƙasa take yin kai. Ana iya ɓare ta, a wanke ta tas, amma wanki yana rage yawan ƙwanson ne kawai, ba ya ƙarar da shi. Haka abin yake ga albasa da citta, da ganyaye irin su ɗoɗɗoya da na'a-na'a waɗanda ƙasa ke fallatsa musu a lokacin ban ruwa. Don haka masana ke ɗauka cewa duk ɗanyen kayan da ya fito daga gona yana iya ɗauke da ƙwanson, sai a mayar da hankali ga hana shi farkawa.

Sharuɗɗa huɗu da kwalbar mai ke cikawa

Ƙwayar ba ta farkawa ta hayayyafa ta zubar da guba sai abubuwa huɗu sun haɗu: rashin iska, danshi, ƙarancin tsami, da ɗumi. Kai na tafarnuwa da aka rataye a kicin bai cika sharaɗin farko ba, domin iska na ratsa shi. Garin tafarnuwa da ke cikin yaji bai cika na biyu ba, domin a bushe yake. Amma da zarar an nutsar da ɗanyar tafarnuwa cikin mai, sai sharuɗɗan su fara cika ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, mai yana rufe tafarnuwar ya raba ta da iskar oksijin. Wannan shi ne dalilin da ya sa mutane ke ganin mai yana adana abinci, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki: yawancin fumfuna da ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci suna buƙatar iska, idan aka toshe musu ita sai su kasa. Matsalar ita ce ƙwayar botulinam akasin haka take, iska ce ke hana ta sakat. Saboda haka man da ya kori abokan gasarta, ita fili ya share mata. Ƙari a kan haka, ƙwayoyin da aka kora su ne waɗanda da za su sa abincin ya yi wari ko ya yi fumfuna har mutum ya zubar da shi.

Na biyu, danshi. Shi mai ba shi da ruwa, kuma babu ƙwayar da ke tsirowa a cikin zallar mai. Amma ɗanyar tafarnuwa fiye da rabin nauyinta ruwa ne, kuma wannan ruwa ba ya gauraya da man, yana nan cikin kowane ɗan yanki. Kowane yanki ya zama wani ɗan tsibiri mai laima da abinci, kewaye da bangon mai. A nan ne ƙwayar ke girma, daga nan kuma gubar ke bin cokali zuwa abinci.

Na uku, tsami. Masana na auna tsami da ma'aunin da ake kira pH. Ruwa tsarkakakke yana kan 7, ruwan lemon tsami yana wajen 2, kuma duk lokacin da adadin ya yi ƙasa, tsamin ya ƙaru ke nan. Iyakar da masana abinci suka yarda da ita ita ce 4.6: ƙasa da haka ƙwayar botulinam ba ta tsirowa. Tafarnuwa tana tsakanin 5.3 da 6.3. Harshe na jin ta da yaji da kaifi, amma a ma'auni tana cikin abinci marasa tsami, sahu ɗaya da wake da nama.

Na huɗu, ɗumi. Nau'in ƙwayar da aka fi samu a kayan lambu yana fara girma daga kusan digiri 10 a ma'aunin Salshiyos, ya fi kuma jin daɗi tsakanin digiri 35 da 40. Abin da ake kira zafin ɗaki a Vancouver bai wuce digiri 20 zuwa 22 ba, kuma hakan ya wadatar. Kicin a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu yana kan daidai zafin da ƙwayar ta fi so.

Akwai masu cewa ai tafarnuwa da kanta magani ce, tana kashe ƙwayoyin cuta. Gaskiya ne cewa idan aka daka ta tana fitar da wani sinadari mai suna alisin da ke kashe wasu ƙwayoyi a ɗakin gwaji. Sai dai alisin ba ya daɗewa, yana rushewa cikin ɗan lokaci, kuma ba ya fasa ƙwanson botulinam. Kwalbar Vancouver cike take da tafarnuwa, hakan bai hana gubar taruwa ba.

Kariya ɗaya tak, ita ma ta faɗi

Idan aka duba yadda aka haɗa kayan da suka jawo annobar 1985, za a ga inda gizo ke saƙa. Busasshiyar tafarnuwa aka samo, aka sake jiƙa ta da ruwa, aka zuba cikin man waken suya. Ba a dafa ta da zafin da zai kashe ƙwanson ba, ba a sa mata tsami ba, ba a sa mata wani sinadarin hana ƙwayoyi ba. Cikin sharuɗɗa huɗu, uku sun riga sun cika tun daga masana'anta. Abu ɗaya ya rage tsakanin mai ci da guba, shi ne sanyi, kuma wannan an bar shi a hannun mai saye ta hanyar rubutu a jikin kwalba cewa a ajiye cikin firij. Ma'aikatan kicin ba su ajiye ba.

Ba a cika shekara huɗu ba abin ya sake faruwa. A watan Fabrairun 1989, mutum uku a garin Kingston na jihar New York suka kwanta asibiti bayan sun ci burodin da aka shafa wa tafarnuwa mai man zaitun, ita ma ta kwalba, ita ma an bar ta a wajen firij. Da aka gwada ragowar, sai aka sami ma'auninta na pH a kan 5.7, ga ƙwayoyin botulinam da gubarsu jibge a ciki. Tazarar da ke tsakanin 5.7 da 4.6 tana iya zama kamar ƙarama a ido, amma kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne. Ke nan tsamin kwalbar bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ake buƙata ba.

A shekarar ce Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta yanke cewa rubutun gargaɗi kaɗai bai isa ba. Ta wajabta wa masu haɗa irin waɗannan kaya su ƙara kariya ta biyu a cikin kwalbar kanta, kamar asid ɗin sitirik ko na fosforik, ta yadda ko mai saye ya manta da firij, tsamin zai tsare shi. Wannan ne ya sa kwalbar tafarnuwa cikin mai ta babban kamfani ke iya zama a kan kanta a shago, ta gida kuwa ba za ta iya ba, ko da a ido kamanninsu ɗaya.

Ba tafarnuwa kaɗai ke da wannan hali ba. A watan Oktoban 1983, a garin Peoria na jihar Illinois, mutum 28 suka kamu da botulizim daga albasar da aka soya sama-sama, aka bar ta nutse cikin bota a gefen murhu tana ɗumi tsawon yini ana ɗiba. Suyar ba ta kashe ƙwanson ba, ba ta kuma ƙone ruwan albasar ba, botar ta rufe iska, ɗumin murhu ya ƙarasa aikin.

Hanci da harshe ba sa ganewa

Al'adar kowane kicin ita ce a shinshina abu, in an yi shakka a ɗanɗana. A nan wannan al'ada ba ta da amfani, ɗanɗanon ma haɗari ne. Gubar ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Wani lokaci ƙwayar na fitar da iska har murfi ya kumbura, ko a ga kumfa na tasowa daga tafarnuwar, ko man ya yi gurɓi. Idan an ga haka, babu shakka a zubar. Amma rashin ganin waɗannan alamu ba shaida ba ne. Bayan annobar Vancouver, masu binciken FDA sun sa ƙwanson cikin kwalaben yankakkiyar tafarnuwa suka ajiye, suka tarar gubar ta taru cikin 'yan makonni alhali tafarnuwar na nan da kyanta da ƙamshinta. Ko da an sami ɗan wari, ƙarfin ƙamshin tafarnuwa ya isa ya danne shi.

Gubar botulinam tana cikin mafi ƙarfin guba da aka sani. An ƙiyasta cewa abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na giram ba ya isa ya kashe babban mutum idan ya haɗiya. Lasar kan cokali ta isa ta kwantar da mutum.

Game da zafi kuwa, ya kamata a bambance abu biyu. Ita gubar zafi na lalata ta: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan cikin abinci ya wuce digiri 85 na tsawon minti biyar ko fiye, gubar ta mutu. Shi ƙwanson kuwa sai an kai digiri 121 na aƙalla minti uku cikin tururi mai matsi, irin wanda masana'antun abincin gwangwani ke amfani da shi. Ruwa a tukunyar gida ba ya wuce digiri 100. Saboda haka tafasa tafarnuwa kafin a zuba ta cikin mai ba ta kawar da haɗarin. Sannan man tafarnuwa an fi cin sa ba tare da dahuwa ba: a yaryaɗa a kan dafaffen abinci, a shafa a burodi, a zuba a kwaɗo, ko a sha cokali ɗaya da sunan magani. Burodin Kingston ma an ɗumama shi, amma zafin bai ratsa shi yadda zai lalata gubar ba.

Yadda ciwon ke bayyana, da dalilin da ya sa ake kuskuren gane shi

Gubar na bi ta hanji ta shiga jini, ta je inda jijiya ke haɗuwa da tsoka ta toshe saƙon da ke umartar tsokar ta motsa. Alamu kan fara tsakanin sa'o'i 12 zuwa 36 bayan cin abincin, ko da yake suna iya zuwa cikin sa'o'i huɗu, ko su jinkirta har kwana takwas.

Shanyewar daga sama take farawa ta gangaro. Da farko gani ya dushe ko ya rabu biyu, fatar ido ta yi nauyi ta sauko, baki ya bushe, murya ta sauya, magana ta sarƙe, haɗiya ta gagara. Daga nan rauni ya sauko wuya da kafaɗu da hannaye, a ɓangarorin jiki biyu daidai wa daida, sannan ya kai ga tsokokin numfashi. A nan ne ake rasa rai. Wasu kan fara da amai ko ciwon ciki ko taurin bayan gida. Abu biyu ke taimakawa wajen bambance shi da wasu cututtuka: babu zazzaɓi, kuma hankalin majinyaci na nan garau, yana ji yana fahimta ko da ya kasa buɗe ido ko furta kalma.

A annobar Vancouver, likitoci sun ɗauka mutum shida suna da wani ciwon raunin tsoka mai suna mayasteniya, huɗu an ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, uku an ce shanyewar ɓarin jiki ce. Majinyatan sun warwatsu a garuruwa daban-daban, likitan da ya ga kowannensu kuma wataƙila bai taɓa ganin botulizim ba tun da ya fara aiki. Abin da ya tona asirin shi ne zuwan 'yan gida ɗaya da alamu iri ɗaya a lokaci ɗaya. Masu binciken da suka wallafa rahoton a 1988 sun kammala da cewa babbar annobar botulizim na iya wucewa gaba ɗaya ba tare da an gane ta ba.

Nijeriya ma ta ɗanɗana irin wannan. A watan Janairun 2018, Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta sanar da cewa tana binciken zargin botulizim a wani iyali a Abuja, inda miji da mata suka rasu. Kifi aka zarga a wancan karo, ba tafarnuwa ba, amma lamarin ya nuna cewa ciwon ba na ƙasashen sanyi kaɗai ba ne.

Maganin da ake da shi makari ne da ake yi wa majinyaci ta jijiya. Yana kama gubar da ke yawo cikin jini, amma ba ya warware wadda ta riga ta shiga jijiyoyi, shi ya sa sa'o'in farko ke da tsada. Wanda numfashinsa ya raunana sai an sa masa na'urar taimakon numfashi, wani lokaci na makonni ko watanni, har jijiyoyin su sake tsiro. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba sa taɓa gubar. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu kamuwa ne ke mutuwa. Duk wanda ya ga waɗannan alamu a jikin wani, babban asibiti mai sashen kulawa ta musamman ya kamata a nufa nan take, a faɗa wa likita abin da aka ci cikin mako guda, a adana ragowar abincin a rufe don gwaji, a kuma nemo duk waɗanda suka ci tare.

Hanyoyin da suke da aminci

Tunda sharuɗɗa huɗu ƙwayar ke buƙata, karya ɗaya daga ciki da kyau ya isa. Tambayar ita ce wanne ne mai gida zai iya tabbatarwa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a hana ta lokaci. A haɗa man tafarnuwa daidai na girkin ranar, a cinye. Guba ba ta taruwa cikin sa'a ɗaya ko biyu. Abin da ya wuce sa'o'i biyu a waje kuwa, shawarar masana abinci ita ce kada a mayar da shi ajiya.

Ta biyu ita ce sanyi. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce man da aka haɗa a gida da tafarnuwa ko ganye a sa shi a firij, a zubar da abin da ya rage bayan kwana huɗu. An taƙaita kwanakin ne domin akwai nau'in ƙwayar da ke iya girma a hankali har a digiri 3. Wannan ƙa'ida an gina ta ne a kan firij da ke riƙe digiri 4 dare da rana. Inda wutar lantarki ke ɗaukewa, lissafin ya sauya: firij da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa kimanin sa'o'i huɗu ne kawai. Gidan da ke kwana babu wuta ba shi da wannan kariya, ko da kwalbar na cikin firij. Firiza da ke daskarar da abu ya zama ƙanƙara tana ajiye shi watanni, amma daskarewa ba ta kashe ƙwanson, tana dakatar da shi ne. Ya fi kyau a daskarar da shi ƙanana-ƙanana, a riƙa ciro na amfani ɗaya.

Ta uku ita ce bushewa, kuma ita ce ta fi dacewa da yanayin da babu tabbacin wuta. Garin tafarnuwa ko busasshen ganye da ya bushe ƙarau ba ya kawo ruwa cikin mai, don haka haɗarinsa ya yi ƙasa ƙwarai. Sharaɗin shi ne kwalba da cokali su kasance a bushe, kada kuma a haɗa da ɗanyen abu ko guda ɗaya. Kwalbar Vancouver da busasshiyar tafarnuwa aka fara ta, ruwan da aka mayar mata ne ya dawo da haɗarin. Haka nan suya: tafarnuwar da aka soya har ta yi ƙarau, mai ya daina kumfa, aka tace ta tsaf, ba ɗaya take da wadda aka dafa cikin mai a kan ƙaramar wuta ta yi laushi ba. Mai laushin tana nan da ruwanta, hukuncinta hukuncin ɗanya ne. Mafi kwanciyar hankali dai shi ne a ajiye garin daban, man daban, a haɗa su a tukunya.

Ta huɗu ita ce tsami, wato abin da kamfanoni ke yi. Masu bincike a Jami'ar Idaho ta Amurka sun gwada wata hanya ta gida suka wallafa ta, kuma tana buƙatar ma'auni, ba ƙiyasin ido ba. Ana narka garin asid ɗin sitirik giram 30 cikin ruwa giram 970, ya ba da ruwan tsami mai ƙarfin kashi uku cikin ɗari. A yanka tafarnuwar ƙanana, kada yanki ya wuce milimita shida, domin tsamin ya ratsa har tsakiya. Kowane giram 100 na tafarnuwa yana buƙatar giram 300 na ruwan tsamin, a jiƙa sa'o'i 24 cur. Sai a tsane ta sosai, a zuba kashi ɗaya cikin kashi goma na mai, a bar shi kwana ɗaya zuwa goma gwargwadon ƙarfin ƙamshin da ake so, sannan a tace. Tafarnuwar na iya komawa shuɗi-shuɗi ko kore-kore a cikin tsamin, wannan ba illa ba ce.

Wannan hanya tana da iyaka. An gwada ta ne a kan tafarnuwa da ganye uku, wato ɗoɗɗoyar Turawa da origano da rozmeri, su kuma ganyayen kashi goma na ruwan tsami suke buƙata ga kowane kashi ɗaya. Ba a gwada ta a kan attaruhu ko citta ko albasa ba. Ba a kuma maye gurbin garin asid ɗin da ruwan lemon tsami ko ruwan tsamiya, domin ƙarfin tsaminsu yana bambanta daga wannan zuwa wancan. Matsa lemon tsami a cikin man bayan an gama haɗawa shi ma aikin banza ne: tsami cikin ruwa yake, ba ya gauraya da mai, sai ya kwanta a gindin kwalba ya bar tafarnuwar yadda take.

Mai saye da mai sayarwa

Mai sayen man tafarnuwa ko man barkono na kwalba yana da abubuwa uku da zai duba. Shin akwai ɗanyen yanki ko ɗanyen ganye kwance a ciki? Shin jerin kayan haɗin ya ambaci asid ɗin sitirik ko na fosforik? Shin akwai lambar rajistar hukumar kula da abinci, irin ta NAFDAC a Nijeriya, da ranar haɗawa? Kwalbar da ke da ɗanyen yanki, babu asid, babu kwanan wata, tana kuma zaune a kan tebur cikin zafi, ta cika dukkan sharuɗɗan da kwalbar Vancouver ta cika.

Mai haɗawa don sayarwa kuwa nauyinsa ya fi girma, domin tukunya ɗaya tana rabuwa gidaje da yawa, kuma ba shi da iko a kan inda kowace kwalba za ta kwana. Gaya wa mai saye ya sa a firij ita ce kariyar da aka gwada ta gaza sau biyu. Dole kariyar ta kasance cikin kwalbar: ko dai busassun kaya zalla, ko tsamin da aka auna da na'ura aka tabbatar ya sauka ƙasa da 4.6 a cikin tafarnuwar kanta.

Wanda yake da irin wannan kwalba a gida yanzu, wadda ta yi kwanaki a waje, kada ya ɗanɗana, kada kuma ya yi ƙoƙarin ceto ta da tafasawa. A rufe ta, a naɗe cikin leda biyu, a jefar inda yara da almajirai da dabbobi ba za su kai gare ta ba, domin kaji da shanu ma botulizim na kashe su. Idan ta zube, a goge wurin da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, a yar da tsumman, a wanke hannu da sabulu.